Tattasan Komadugu: Ciniki da Naira, Lissafi da Sefa



Duk wanda ya san jihar Diffa ya san cewa arzikin gaɓar kogin Komadugu, tun daga wajajen Maine-Soroa, a bi ta Shetimari da birnin Diffa da Geskeru har a dangana da Bosso, ya rataya ne a kan jan tattasai, wanda ake dasawa da damina, a yi ta ban ruwa, a tsinke shi lokacin sanyi, a shanya shi a rana har ya bushe, sa'an nan a ɗura shi a buhuna. Ya kuma san cewa mafi yawan waɗannan buhuna ba a Nijar ake cinye su ba, ƙetare kogi suke yi su nufi Damasak da Maiduguri da Kano da sauran kasuwannin Najeriya, inda ake biyan kuɗinsu da naira. Saboda haka manomin Diffa da ɗan kasuwarta suna zaune a tsakanin kuɗi biyu: da naira suke ciniki, amma bashin banki da haraji da kuɗin makarantar yara, da kuma jarin da suka tara tun farko, duk da sefa ake lissafa su. Mas'alar da nake so mu tsaya a kanta yau ita ce, idan aka kawo wa mutum shawarar ya zuba jarinsa na sefa a cikin wani aiki wanda amfaninsa zai riƙa zuwa da naira shekara bayan shekara, ta wace hanya zai auna aikin nan tun kafin ya saki kuɗinsa, har ya san ko riba ke jiransa ko kuwa hasara ce ta yi shigar riba.

Sai mu fara da halin kuɗaɗen biyu, domin ba ɗabi'arsu ɗaya ba. Sefa ɗaure take da kuɗin Turai, tun daga 1999 yuro ɗaya yana daidai da sefa 655.957, kuma rabon da a karya darajarta tun watan Janairu na 1994, lokacin da aka rage mata rabi a dare ɗaya. Babban bankin BCEAO kuwa yana ƙoƙarin tsare hauhawar farashi tsakanin 1 da 3 cikin ɗari a shekara. Naira ba haka take ba. An sassauta mata linzami a watan Yuni na 2016, aka sake sakinta a watan Yuni na 2023, inda dala ɗaya ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, a farkon 2024 kuma ta wuce 1,400; a ƙarshen shekarar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura 34 cikin ɗari, babban bankin ƙasar kuma ya kai ma'aunin ruwansa 27.5 cikin ɗari. Wanda ya karɓi naira a Maiduguri ya zo teburin ɗan canji a Diffa ba ya bukatar a karanta masa waɗannan alƙaluma, gama ya gani da idonsa yadda damin takardun da ke hannunsa yake ƙara kauri, alhali jikunan sefa da ake miƙo masa suna raguwa.

Abu na biyu da ya wajaba a fahimta shi ne cewa kuɗin baɗi ba daidai yake da kuɗin bana ba, ko da a cikin sefa tsantsa ne. Wanda ya ba da miliyan ɗaya yau aka mayar masa da miliyan ɗaya bayan shekara uku ya yi hasarar duk abin da kuɗin nan zai iya jawo masa da ya juya shi a wata sana'a. Don haka masana lissafin jari suke rage darajar kuɗin da ake jira da wani kaso a kowace shekara, su dawo da shi darajarsa ta yau, wannan kaso kuwa shi ne za mu kira mizanin ragi. Idan mizanin 15 cikin ɗari ne, ana raba kuɗin shekara ta farko da 1.15, na shekara ta biyu a raba shi da 1.15 sau biyu, na ta uku sau uku. Na san akwai daga cikin masu sauraro wanda zuciyarsa za ta yi ɗar, ya ce wannan ai ƙanshin riba haramtacciya ke gare shi. Ba haka ba ne, domin a nan babu mai ba da rance babu mai karɓar ƙari; awo ne kawai mutum yake yi a kan takarda tsakanin aikin da aka kawo masa da wani halattaccen ciniki da zai iya sa kuɗinsa a ciki, kuma jumhurin malaman fiƙihu sun yarda cewa farashin kaya a kan ajali yana iya ɗara farashinsa na hannu da hannu, wanda yake nuna shari'a ba ta jahilci cewa lokaci yana da tasiri a kan ƙima ba.

To, bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki, alƙaluman kuwa na ƙaddarawa ne, kowa sai ya cire su ya sa nasa. A ce wata ƙungiyar manoma a kusa da Diffa tana da sefa miliyan 10, tana so ta sayi famfunan ban ruwa masu aiki da hasken rana, ta gina dandamalin shanya na siminti da ɗakin ajiya, don tattasansu ya yi yawa, ya kuma yi tsabta, ba tare da ƙasa da tsakuwa sun shiga buhu ba. Sun ƙiyasta cewa bayan an fitar da kuɗin taki da magani da mota da lada da abin da ake biya a hanya, ƙarin abin da aikin zai kawo shi ne naira miliyan 12 a shekara ta farko. Kuma da yake suna zaton farashi a Najeriya zai riƙa tashi da 20 cikin ɗari, suka sa miliyan 14.4 a shekara ta biyu, da miliyan 17.28 a ta uku. Canjin ranar da suka zauna kuwa, jika ɗaya ta sefa tana daidai da naira 2,500. Sun kuma amince cewa duk aikin da bai ba su 15 cikin ɗari a sefa ba, bai cancanci wahalarsu ba.

Ga abin da mafi yawan mutane suke yi, kuma shi ne kuskuren da ya fi kowane yaɗuwa. Ma'ajin ƙungiya zai ɗauki canjin yau ya juya kuɗin shekaru ukun duka da shi, sai ya sami sefa miliyan 4.8, da miliyan 5.76, da miliyan 6.9, ya rage su da mizanin 15 cikin ɗari, ya tara, ya ga sun haura miliyan 13 kaɗan, ya cire jarin miliyan 10, ya sanar wa jama'a cewa akwai rarar miliyan 3, a yi fatiha a watse da murna. Amma ku dubi abin da ya faru a cikin wannan lissafi. Ya yarda cewa farashin buhu zai riƙa tashi da 20 cikin ɗari saboda naira tana lalacewa, sa'an nan ya juya ya ƙaddara cewa ɗan canji zai ci gaba da karɓar wannan naira a farashin yau har shekara uku, kamar ba abin da ya same ta. Ya ci amfanin faɗuwar naira a gefe ɗaya, ya ƙi biyan kuɗinta a ɗaya gefen. Misalinsa kamar wanda ya ga yawan mudun hatsinsa yana ƙaruwa kowace shekara ya yi ta farin ciki, bai lura ba cewa mudun ne ake ta ƙanƙantawa.

Hanyar da ta inganta ita ce a ƙiyasta wa kowace shekara canjinta. Ƙa'idar da ake dogara da ita, idan babu wata hujja da ta fi ta, ita ce kuɗin ƙasar da farashi ya fi tashi a cikinta yana faɗuwa gwargwadon bambancin hauhawar farashin ƙasashen biyu. Idan a Najeriya 20 cikin ɗari ne, a Nijar kuma 3, sai a raba 1.20 da 1.03, a sami 1.165, ma'ana kowace shekara jika za ta ƙara tsada da kimanin 16.5 cikin ɗari. Jikar da take naira 2,500 yau za ta zama kamar 2,913 baɗi, 3,393 a shekara ta biyu, 3,953 a ta uku. Idan aka juya kuɗin kowace shekara da canjin shekararsa, sai a sami sefa miliyan 4.12, da miliyan 4.24, da miliyan 4.37, nan take kuma idon mutum zai buɗe ya ga cewa ƙaruwar nan da ta burge shi a naira kusan duk kumfa ce, gama a sefa 3 cikin ɗari kawai take ƙaruwa. Yanzu da kuɗin suka zama sefa, sai a rage su da mizanin sefa, wato 15 cikin ɗari, su koma miliyan 3.58, da miliyan 3.21, da miliyan 2.87. Jimla miliyan 9.67, a kan jarin miliyan 10. Rarar miliyan 3 ta ɓace, abin da ya rage shi ne giɓi na kimanin sefa dubu 335.

Akwai hanya ta biyu, wadda nake ba kowa shawarar ya bi ta don ta zama shaida a kan ta farko. A bar kuɗin a nairarsu, kada a juya su, amma a nemo mizanin ragi na naira wanda ya yi daidai da 15 cikin ɗari na sefa. Ana samunsa ta hanyar ninka 1.15 da 1.165, abin da zai ba da kusan 1.34, wato 34 cikin ɗari. A lura, ninkawa ake yi, domin wanda ya tara 15 da 16.5 zai tsaya a 31.5 ya tauye mizanin, kuma irin wannan tauyewa tana girma matuƙar hauhawar farashi ta yi yawa. Idan aka rage naira miliyan 12 da 14.4 da 17.28 da wannan mizani, za su koma kamar miliyan 8.96, da 8.02, da 7.18, jimla naira miliyan 24.16. Tun da yake wannan jimla darajar yau ce, a nan ne kaɗai ya halatta a yi amfani da canjin yau, kuma idan aka juya ta a kan 2,500 sai ta ba da sefa miliyan 9.67, daidai da abin da hanya ta farko ta bayar. In hanyoyin biyu suka saɓa wa juna, to, lalle an cakuɗa kuɗin wata ƙasa da mizanin wata a wani wuri, sai a koma a bincika layi-layi.

Kuskuren yana da ɗan'uwa ta ɗaya ɓangaren, wanda masu tsananin taka-tsantsan suke faɗawa. Mutum zai juya kuɗin da canjin kowace shekara yadda ya kamata, sa'an nan ya tuna cewa a Najeriya za a yi cinikin, ya ce bari ya rage su da 34 cikin ɗari don ya kwana lafiya. Wannan ya hukunta aikin sau biyu a kan laifi ɗaya, zai sami miliyan 7.25 kacal, ya gudu daga aikin da a haƙiƙa ɗan kaɗan ya rage ya biya kansa. Wannan giɓi na dubu 335 kuwa ƙarami ne ƙwarai, har ma idan famfunan da ɗakin ajiyar za su kai darajar sefa miliyan ɗaya a ƙarshen shekara ta uku, wadda darajarta ta yau take kimanin dubu 657, sai lissafin ya juye ya ba da 'yar rara. Ashe aikin yana kan gaɓa ne, kuma sanin haka shi ne zai sa ƙungiya ta koma ta nemi ragi a wurin mai sayar da famfo, maimakon ta shiga da zaton tana da miliyan 3 na ɓarnatarwa.

Daga ina 15 cikin ɗarin nan ta fito? Ba a tsintarta a iska. Ana duban abin da sefa take samarwa a wurin da haɗari ya yi ƙaranci, kamar takardun bashin gwamnatocin yankin UEMOA, waɗanda a shekaru masu yawa suke ba da abin da ya kusanci 6 cikin ɗari, sa'an nan a ɗora ladan haɗarin noma da kasuwa a kai. Ana kuma duban tsadar kuɗi ga mai nema, tun da yake a 2014 an ƙayyade iyakar abin da banki zai ɗora wa mai rance a 15 cikin ɗari, ƙananan asusun rance kuma a 24. Ƙungiyar da za ta ciwo jarinta daga ƙaramin asusu ba ta da ikon auna aikinta da mizanin da ya gaza abin da za ta biya.

A ganina, wurin da ya fi cancantar a daɗe ana tunani shi ne zaton nan cewa farashin tattasai zai bi hauhawar farashi sau da ƙafa. Tattasai kayan miya ne, mai sayensa a Kano ko Maiduguri talaka ne wanda albashinsa bai tashi da 20 cikin ɗari ba, kuma idan abu ya yi tsada yana iya rage yawan abin da yake zubawa a tukunya, ko dillali ya koma ga tattasan da aka noma cikin Najeriya. A ce kuɗin da ƙungiyar take samu ya tashi da 10 cikin ɗari kawai a shekara ta biyu da ta uku, alhali naira tana faɗuwa yadda muka ƙaddara, darajar aikin za ta sauka zuwa miliyan 8.94, giɓin ya haura miliyan ɗaya. Hanyar gane gaskiyar wannan tana hannun 'yan kasuwa da kansu: a buɗe tsofaffin littattafan ciniki, a rubuta farashin buhu a naira na wata ɗaya a kowace shekara, a rubuta canjin wannan watan a gefensa, a juya, a ga ko farashin buhu a sefa ya tsaya ko ya zame. Ita ma ƙa'idar bambancin hauhawar farashi, a dogon zamani take gaskata. A cikin shekara guda canji yana iya yin tsalle ya wuce ta nesa, kamar yadda aka gani a 2023, ko ya tsaya cik alhali farashi yana tashi. Saboda haka mai hankali yakan yi lissafin sau uku, da canji mai sauƙi da matsakaici da mai tsanani, ya dubi a wane canji ne aikin yake daina biyan kansa.

Sai kuma haɗarin hanya, wanda mutanen Diffa suka ɗanɗana fiye da kowa. A watan Fabrairu na 2015 aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar, aka hana hawan babura, aka taƙaita cinikin tattasai da kifi da sayen taki da mai, gonaki da yawa na bakin kogi suka zama kufai. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disamba na 2020, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma aka sake rufewa har cikin 2024. Ga ambaliyar Komadugu da ta sha cinye gonaki a 'yan shekarun nan. Al'adar mutane ita ce su ce, tun da akwai haɗari, bari a ƙara 10 a kan mizanin ragi. Ban yarda da wannan ba, domin ƙarin da aka yi da ka ba ya gaya wa kowa abin da ake tsoro, kuma yana danne shekarun nesa fiye da na kusa, alhali iyaka tana iya rufuwa tun a shekarar farko. Abin da ya fi shi ne a sa haɗarin a cikin kuɗin shiga kansa. Idan dattawan ƙungiya suka ga cewa a cikin kowace shekara biyar akwai ɗaya da ake rasa rabin abin da aikin yake kawowa, to, abin da ake sa rai a kowace shekara ya ragu da kashi ɗaya cikin goma, miliyan 9.67 ta koma miliyan 8.7. Wannan zato ne da kowa zai iya jayayya da shi a fili, a ce shekara ɗaya cikin huɗu ce ko cikin shida, a gyara, a sake lissafi.

Canjin da za a sa a takarda kuma shi ne wanda ɗan canji zai ba ka a hannu ranar da kake sayar masa da naira, bayan ya cire nasa, domin da wannan za ka biya bashi, ba da wanda aka faɗa a labarai ba. Idan dillali ya karɓi kaya bashi sai bayan wata uku ya biya, a canjin da jika take ƙara tsada da 16.5 cikin ɗari a shekara, kusan 4 cikin ɗari na kuɗin sun narke kafin su iso. A manyan kasuwannin duniya akan ƙulla farashin canji tun yau don ranar da ke tafe, amma wannan ƙofa ba a buɗe take ga manomin Geskeru ba, kuma malamanmu suna shar'anta cewa musayar kuɗi da kuɗi hannu da hannu ake yinta. Abin da ke hannunsa shi ne dabarar da fataken wannan yanki suka daɗe da sani, wato ya rage yawan nairar da zai kai teburin canji: ya sayo buhunan zuba kaya da maganin feshi da kayan gyaran famfo da ita tun a can, ko ya juya ta zuwa hajar da zai sayar da sefa a Diffa, gwargwadon abin da doka ta yarda a shigo da shi. A lissafi ma haka za a bi, a ware abin da ake kashewa da naira a cire shi daga cinikin naira kafin a juya saura, abin da ake kashewa da sefa kuwa, kamar biyan bashin famfo da haraji, a bar shi a layinsa na sefa, ya tashi da hauhawar farashin Nijar, a cire shi bayan an gama juyawa.